Kwatancen bibiya bayan ANOVA

Kwatancen bibiya rukuni ne na gwaje-gwajen ƙididdiga da ake yi bayan gwajin ANOVA, domin a gano takamaimai waɗanne rukunai ne suka bambanta da juna. A manhajojin ƙididdiga irin su SPSS ana samun su a ƙarƙashin maɓallin `Post Hoc`, wanda kalmomin Latin ne masu nufin "bayan wannan". Abin da ya sa ake bukatar su shi ne ANOVA tambaya ɗaya kawai take amsawa: shin matsakaitan rukunan duka daidai suke, ko kuwa akwai bambanci a wani wuri? Ba ta faɗin inda bambancin yake. Hanyar da ta fi saurin zuwa a zuciya ita ce a ɗauki rukunan biyu-biyu a yi wa kowane biyu gwajin t. Sai dai yin hakan sau da yawa yana ƙara yiwuwar a sanar da bambancin da babu shi. Kwatancen bibiya yana gyara wannan ne ta hanyar tsaurara sharaɗin kowane gwaji, ta yadda haɗarin kuskure na dukkan gwaje-gwajen a haɗe ba zai wuce iyakar da aka zaɓa ba.

## Asalin matsalar

Gwajin t, wanda William Sealy Gosset ya wallafa a 1908 da sunan aro "Student", an gina shi ne domin kwatanta matsakaita biyu. Ana farawa da hasashen cewa babu bambanci tsakanin rukunan, sannan a lissafa ƙimar p. Ƙimar p ita ce yiwuwar a ga tazara mai girman wadda aka gani, ko wadda ta fi ta, in da gaske babu bambancin. Idan p ta yi ƙasa da wata iyaka da ake kira alfa, sai a ce an sami bambanci. Alfa da aka fi amfani da ita ita ce 0.05.

Zaɓen 0.05 yarjejeniya ce da mai bincike yake yi da kansa. Ya amince cewa a duk lokacin da rukunai biyu suke daidai a haƙiƙa, sau 5 cikin 100 gwajin zai ce sun bambanta, saboda kawai yadda samfurin ya faɗo. Ana kiran wannan kuskure nau'i na ɗaya, wato sanar da bambancin ƙarya. Wannan alkawari na kashi 5 cikin 100 na gwaji ɗaya ne tak. Bai shafi tarin gwaje-gwaje ba.

Ana iya kwatanta lamarin da jaka mai tsakuwa 20, 19 farare, ɗaya ja. Wanda ya zura hannu sau ɗaya da wuya ya ciro jar. Amma wanda ya yi ta cirowa yana mayarwa har sau goma ko sau arba'in, ba abin mamaki ba ne jar ta fito masa ko da sau ɗaya. Jakar ba ta canza ba, yawan zura hannun ne ya ƙaru. Kowane gwajin t da aka yi wa rukunai biyu masu daidaito tamkar zura hannu ɗaya ne.

## Lissafin yadda kuskuren yake ƙaruwa

Idan rukunai k ne, yawan kwatancen biyu-biyu da za a iya yi shi ne:

m = k(k − 1) / 2

Rukunai 3 suna ba da kwatance 3, rukunai 5 suna ba da 10, rukunai 10 kuma suna ba da 45. Yawan kwatancen yana tashi da sauri fiye da yawan rukunan.

A ɗauka dukkan rukunan daidai suke. Yiwuwar gwaji ɗaya ya tsira daga kuskure ita ce 0.95. Idan gwaje-gwajen ba su da alaƙa da juna, yiwuwar uku su tsira gaba ɗaya ita ce 0.95 × 0.95 × 0.95, wato 0.857. Abin da ya rage, 0.143, shi ne yiwuwar a yi kuskure aƙalla sau ɗaya. Ana kiran wannan adadi kuskuren gungu, domin ya shafi gungun gwaje-gwajen ne baki ɗaya. Ƙa'idarsa ita ce:

1 − (1 − α)^m

Wannan ƙa'ida tana ɗan zuzuta lamarin, domin kwatancen biyu-biyu suna da alaƙa da juna. Matsakaicin rukuni na farko yana shiga kwatancensa da na biyu, yana kuma shiga kwatancensa da na uku. Idan ya faɗo sama bisa sa'a, kwatancen biyu duka za su karkata tare, kurakuran sai su taru a bincike ɗaya maimakon su bazu. Jadawalin da ke ƙasa ya nuna lissafin ƙa'idar, tare da ainihin adadin idan rukunan girmansu ɗaya kuma samfurin yana da yawa.

| Rukunai | Kwatance | Lissafin ƙa'ida | Ainihin adadi |
|---|---|---|---|
| 2 | 1 | 0.05 | 0.05 |
| 3 | 3 | 0.14 | kusan 0.12 |
| 4 | 6 | 0.26 | kusan 0.20 |
| 5 | 10 | 0.40 | kusan 0.29 |
| 10 | 45 | 0.90 | kusan 0.63 |

Ko da ainihin adadin aka duba, mai binciken da ya kwatanta rukunai 10 da babu wani bambanci a tsakaninsu ya fi kusa da samun "bambanci" aƙalla ɗaya fiye da rashin samunsa, alhali rahotonsa yana cewa haɗarin kuskurensa kashi 5 ne cikin 100.

Kwatancen da aka yi da ido ma yana shiga lissafi. Wanda ya duba matsakaita biyar, ya zaɓi mafi girma da mafi ƙanƙanta ya yi musu gwajin t ɗaya, bai yi gwaji ɗaya ba a haƙiƙa. Ya riga ya auna dukkan goman da idonsa kafin ya zaɓi wanda ya fi tazara, kuma haɗarinsa daidai yake da na wanda ya yi goman a manhaja.

## Dalilin da ya sa ANOVA ba ta isa kariya ba

Ronald A. Fisher, wanda ya samar da ANOVA lokacin da yake aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya kawo wata hanya a 1935 da ake kira LSD. A cikinta ana fara yin gwajin F na ANOVA. Idan bai nuna bambanci ba, sai a tsaya. Idan ya nuna, sai a yi gwajin t na biyu-biyu a kan 0.05. Gwajin F yana zama kamar mai gadin ƙofa.

Wannan gadi yana aiki idan dukkan rukunan daidai suke, domin sau 5 cikin 100 kawai ƙofar za ta buɗe. Matsalar tana tasowa ne idan wasu rukunan sun bambanta, wasu kuma ba su bambanta ba. A ɗauka ana gwada irin masara shida, ɗaya daga ciki ya fi sauran yabanya nesa ba kusa ba, sauran biyar kuma daidai suke. Saboda wannan iri ɗaya, gwajin F kusan kullum zai nuna bambanci, kuma gaskiya ya faɗa. Amma da zarar ƙofar ta buɗe, kwatance 10 da ke tsakanin sauran biyar ɗin suna tafiya ba tare da wata kariya ba. Yiwuwar a sanar da bambancin ƙarya a tsakaninsu ta koma kusan 0.29, kamar ba a taɓa yin ANOVA ba.

Akwai togaciya guda: idan rukunai uku ne kacal, hanyar Fisher tana riƙe kuskuren gungu a 0.05. Dalilin shi ne idan ɗaya ya fita daban, biyu ne suka rage, kwatance ɗaya ne kawai zai iya zama kuskure. Daga rukunai huɗu zuwa sama kariyar takan rushe, kamar yadda Anthony Hayter ya nuna da lissafi a 1986.

## Yadda ake gyarawa

Dukkan hanyoyin gyara manufarsu ɗaya: a riƙe kuskuren gungu a 0.05 ko ƙasa da haka. Inda suka bambanta shi ne yadda suke ɗaga sharaɗin kowane kwatance.

### Hanyar Bonferroni da ta Holm

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a raba alfa da yawan kwatancen. Idan kwatance 3 ne, kowanne sai p ɗinsa ta yi ƙasa da 0.05/3, wato 0.0167. Idan 10 ne, sai ta yi ƙasa da 0.005. Manhajoji sukan juya lissafin, su ninka kowace p sau m, a ci gaba da auna ta da 0.05, sakamakon ɗaya ne. Hanyar tana ɗauke da sunan masanin lissafi ɗan Italiya Carlo Emilio Bonferroni, amma Olive Jean Dunn ce ta tsara amfani da ita ga kwatanta matsakaita a 1961. Hujjarta ita ce yiwuwar ɗaya daga cikin abubuwa da yawa ya faru ba za ta taɓa wuce jimillar yiwuwar kowannensu ba. Saboda haka tana aiki ko gwaje-gwajen suna da alaƙa ko ba su da ita.

Aibinta shi ne tsaurin da ya wuce bukata idan kwatancen sun yi yawa. Ga rukunai 10, iyakar kowane gwaji takan sauka zuwa 0.0011. A 1979 Sture Holm ya kawo gyara mai hawa-hawa. Ana jera ƙimomin p daga ƙarama zuwa babba. Ana auna ta farko da α/m, ta biyu da α/(m − 1), haka har zuwa ta ƙarshe da α. Da zarar ɗaya ta kasa, sai a tsaya, ita da duk waɗanda ke bayanta ba a karɓe su ba. Hanyar Holm tana ba da kariya iri ɗaya da ta Bonferroni, kuma duk bambancin da Bonferroni ta gano ita ma za ta gano shi, wani lokaci har da ƙari.

### Hanyar Tukey

John Tukey ya tsara tasa hanyar a 1953 musamman domin kwatanta kowane rukuni da kowane rukuni, ana kiran ta HSD. Tunanin da ke bayanta shi ne a kalli kwatance mafi haɗari, wato tazarar da ke tsakanin matsakaici mafi girma da mafi ƙanƙanta. Ko da rukunan daidai suke, wannan tazara tana faɗaɗa yayin da rukunan suke ƙaruwa, kamar yadda bambancin tsayi tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta yakan fi girma a cikin mutum goma fiye da a cikin mutum biyu. Hanyar Tukey tana nemo iyakar da wannan babbar tazara ba za ta ƙetare bisa sa'a ba sai sau 5 cikin 100. Idan babbar ba ta ƙetare ba, ƙananan ma ba za su ƙetare ba, don haka iyaka ɗaya ta tsare gungun duka.

HSD = q × √(MSE / n)

A nan MSE ita ce warwatsuwar cikin rukunai da jadawalin ANOVA ya bayar, n yawan samfuri ne a kowane rukuni, q kuma adadi ne da ake samu daga jadawali bisa yawan rukunai da df na kuskure. Duk matsakaita biyu da tazararsu ta wuce HSD an ce sun bambanta. Tunda q ta riga ta yi la'akari da alaƙar da ke tsakanin kwatancen, Tukey ta fi Bonferroni sassauci idan dukkan biyu-biyun ake so. Idan girman rukunan bai zo ɗaya ba, ana amfani da gyaran da Clyde Kramer ya kawo a 1956.

### Hanyar Dunnett

Sau da yawa mai bincike ba ya bukatar dukkan kwatancen. Abin da yake so shi ne ya auna kowane sabon magani da rukunin da ba a ba komai ba. Ga wannan Charles Dunnett ya fitar da hanyarsa a 1955. A rukunai 5, kwatance 4 ne kawai ake karewa maimakon 10, don haka iyakar ba ta kai ta Tukey tsauri ba.

## Misali a aikace

Manhajar R tana zuwa da wasu bayanai masu suna `PlantGrowth`, waɗanda aka ɗauko daga littafin Annette Dobson na 1983. Sun ƙunshi nauyin busassun tsirrai 30 a rukunai uku, goma-goma: rukunin da ba a yi wa komai ba, `ctrl`, da rukunai biyu da aka yi wa kulawa daban-daban, `trt1` da `trt2`. Matsakaicin `ctrl` 5.032 ne, na `trt1` 4.661, na `trt2` kuma 5.526.

```r
m <- aov(weight ~ group, data = PlantGrowth)
summary(m)
TukeyHSD(m)
```

ANOVA ta ba da F = 4.85 da p = 0.016, MSE kuma 0.3886 a kan df 27. Akwai bambanci a wani wuri.

Mai binciken da ya ware `ctrl` da `trt2` su kaɗai ya yi musu gwajin t zai sami p kusan 0.048. Ta yi ƙasa da 0.05 da kaɗan, kuma zai iya rubuta cewa kulawa ta biyu ta ƙara nauyin tsirrai. Amma wannan ɗaya ne daga kwatance uku. Idan aka ninka 0.048 sau uku bisa hanyar Bonferroni, ta koma kusan 0.14, da'awar ta faɗi.

Lissafin Tukey yana tafiya kamar haka. Ga rukunai 3 da df 27, q tana kusan 3.51. Idan aka raba 0.3886 da 10 aka ɗauki tushensa, ana samun 0.197. Ninka su biyu yana ba da HSD = 0.691. Tazarar `trt1` da `ctrl` 0.371 ce, ta `trt2` da `ctrl` 0.494, duka ba su kai ba. Tazarar `trt2` da `trt1` kuwa 0.865 ce, ta wuce iyakar. Jadawalin da ke ƙasa ya jera ƙimomin p, dukkansu an lissafa su da MSE ta ANOVA.

| Kwatance | Tazara | p ba gyara | Bonferroni | Holm | Tukey |
|---|---|---|---|---|---|
| trt1 da ctrl | −0.371 | 0.194 | 0.583 | 0.194 | 0.391 |
| trt2 da ctrl | 0.494 | 0.088 | 0.263 | 0.175 | 0.198 |
| trt2 da trt1 | 0.865 | 0.0045 | 0.013 | 0.013 | 0.012 |

Abin lura shi ne tun kafin a yi gyara, p ta `trt2` da `ctrl` ta tashi daga 0.048 zuwa 0.088. Dalilin shi ne gwajin t da aka ware ya auna warwatsuwa daga rukunai biyu kawai, kuma su ne biyun da suka fi ƙarancin warwatsuwa. MSE kuwa ta haɗa har da `trt1`, wanda tsirransa suka fi bambanta da juna. Wannan rauni ne na biyu na gwaje-gwajen t da aka ware: kowannensu yana zubar da wani ɓangare na bayanan, yana kuma auna tazara da mudu daban.

Ana iya ganin tsaurin kowace hanya a mafi ƙarancin tazarar da take karɓa a waɗannan bayanai. Gwajin t mara gyara yana karɓar 0.572, Dunnett kusan 0.65 ga kwatance biyun da suka shafi `ctrl`, Tukey 0.691, Bonferroni kuma kusan 0.71. Abin da bayanan suka goyi baya shi ne kulawa ta biyu ta fi ta farko. Umarnin `TukeyHSD` ya nuna cewa ainihin fifikon yana tsakanin 0.17 da 1.56. Ga `trt2` da `ctrl` kuwa tsakanin −0.20 da 1.19 yake, wato bayanan ba su kore cewa babu ƙari ba, ba su kuma kore ƙari mai yawa ba. Rashin samun bambanci bayan gyara ba hujja ba ce ta cewa rukunan daidai suke.

## Farashin gyaran da iyakokinsa

Duk tsaurarawar da ta rage bambancin ƙarya tana kuma rage ƙarfin gwaji, wato ikonsa na gano bambanci na gaskiya. Kuskure nau'i na biyu, wanda shi ne kasa ganin bambancin da yake akwai, yana ƙaruwa. Maganin wannan yana zuwa ne tun a tsarin bincike: a ƙara yawan samfuri, a rage rukunan da ba dole ba, ko a rubuta 'yan kwatancen da ake so kafin a ga bayanai. Zaɓen hanyar gyara ma kafin ganin sakamako ake yin sa. Wanda ya gwada hanyoyi biyar ya ɗauki wadda ta ba shi p mafi ƙanƙanta ya dawo da matsalar da yake neman gyarawa.

Hanyoyin Tukey da Dunnett suna dogara da sharuɗɗan ANOVA: ma'aunan ba su dogara da juna ba, sun bi rarrabuwa ta daidai gwargwado, kuma warwatsuwar rukunan ta yi kusa da juna. Sharaɗi na ƙarshe ya fi yin illa idan ƙaramin rukuni ne ya fi warwatsuwa, domin MSE za ta raina rashin tabbas ɗinsa, kuskuren gungu ya sake haura 0.05. Ana gane wannan ta duba warwatsuwar kowane rukuni kusa da yawan samfurinsa. A irin wannan hali ana komawa ga hanyar Games da Howell ta 1976, wadda take lissafa warwatsuwa daban ga kowane kwatance.

Gwajin F da kwatancen bibiya ba kullum suke yarda da juna ba. F tana iya nuna bambanci, Tukey kuma ta kasa samun ko biyu da suka bambanta, musamman idan bambancin yana tsakanin haɗakar rukunai ne, misali matsakaicin rukunai biyu a haɗe da na sauran biyu. Hanyar Henry Scheffé ta 1953 ce take kare dukkan irin waɗannan haɗe-haɗe, shi ya sa ta fi kowace tsauri idan biyu-biyu kawai ake kwatantawa. Akasin haka ma yana faruwa: Tukey ta sami bambanci alhali F ba ta samu ba. Tukey, Dunnett, Bonferroni da Holm suna riƙe kuskuren gungu da kansu, ba sa bukatar F ta buɗe musu ƙofa, ko da yake al'adar littattafan koyarwa ita ce a fara da ANOVA.

Idan kwatancen sun kai ɗaruruwa ko dubbai, kamar a binciken ƙwayoyin gado, hana ko da kuskure ɗaya yana kashe ƙarfin gwaji kusan baki ɗaya. A nan ake canza manufa. Hanyar da Yoav Benjamini da Yosef Hochberg suka wallafa a 1995 tana taƙaita kason ƙarya ne a cikin bambance-bambancen da aka sanar, misali kada ya wuce kashi 5 cikin 100 a matsakaici. Wannan kariya ce mai sauƙi fiye da ta Tukey ko Holm, don haka rahoton bincike yakan faɗi hanyar da aka bi da yawan kwatancen da aka yi, har da waɗanda ba su nuna komai ba.